Kwas mai alkawarin aiki: wa ya ba da takardar?

A ce ƙanwarka a Tudun Wada ta gama sakandare, tana son koyon harkar haɗa kwamfutoci. Ta ga talla a WhatsApp: wata uku ta intanet, satifiket, da aiki tabbas. Kafin a taɓa kuɗin gida, a fara tambayar wanda zai sa hannu a takardar.

Idan cibiyar da ke koyar da kwas ɗin ce da kanta ke bugawa, takardar halarta ce kawai. Ana iya samun ilimi a wurin, amma mai ɗaukar aiki ba shi da inda zai bincika. Da yawa za su nuna maka rajistar CAC, su ce gwamnati ta san da su. Wannan rajista shaidar kasuwanci ce, irin wadda mai shagon atamfa ma yake da ita. Amincewa da kwas na difiloma ko na sana'a aikin hukumar NBTE ne, digiri kuma na NUC. Mu a Kaduna mun yi sa'a, hedikwatar NBTE tana nan kan titin Bida. A duba sunan makarantar a jerin hukumar, sannan a duba kwas ɗin kansa, domin makaranta tana iya samun amincewa a wani fanni ta rasa a wani.

Na fi natsuwa da takardar da kamfanin fasaha ke bayarwa, kamar CCNA, takardar ƙwarewa a haɗa kwamfutoci ta kamfanin Cisco. Cibiya koyarwa kawai take yi. Jarabawar ta hannun kamfanin shirya jarabawa Pearson VUE ake rubuta ta da mai sa ido, kuɗinta kusan dala 300, ana iya faɗuwa, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta. Tana da tsada, amma kowane kamfani zai iya tabbatar da ita. Don haka a tambayi cibiyar ko kuɗin jarabawa yana cikin abin da za a biya. Wanda ya ce zai ba da CCNA ba tare da jarabawa ba, ƙarya yake yi.

Idan kuɗi ne matsalar, shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 kyauta ne.

Batun aikin kuwa, a ce su rubuta: wane kamfani, albashi nawa, kuma idan bai samu ba nan da wata nawa za a mayar da kuɗi. Sau da yawa “aikin” tallata kwas ɗin ne ga wasu a ba ka kamasho. A nemi ganin tsofaffin ɗalibai biyu a wurin aikinsu, ido da ido. Idan masu cibiyar suka ce a tura kuɗi asusun wani mutum yau-yau kafin gurbi ya cika, ku riƙe kuɗinku.