Sharhi: malamin da ya fassara mini wasiƙar ƙorafin ruwa zuwa Ingilishi

Ina haya a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi. Mai gidan ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa da ke Legas, wanda ba ya karanta Hausa balle Faransanci. Da bututun gidan ya fashe a farkon watan Afrilu, tsakiyar zafi, wakilinsa na nan ya yi ta ce mini gobe, gobe. Sai na rubuta ƙorafina da Hausa, na kai wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa, inda wani malamin Ingilishi ke karɓar aikin fassara da yamma. Jika biyar ya karɓa a kan shafi guda, har da bugawa.

Abin da ya fi burge ni, bai kama rubutu nan take ba. Ya karanta takardata sau biyu, sannan ya ce, "Hajiya, kin rubuta famfo ya lalace. A ina ya lalace, kafin kontar ko bayanta?" Ya ce nan ne gindin maganar, domin in matsalar tana gefen titi kafin kontar, mai gida zai ce a nemi kamfanin ruwa, ya wanke hannunsa. Na gaya masa abin da mai gyaran famfo ya nuna mini: mun rufe kowane famfo na gidan, amma kontar ta ci gaba da juyawa, ga ƙasa ta jiƙe a gindin bangon ban ɗaki. Wato yoyon a cikin gida yake, ƙarƙashin siminti. Faktir ɗin da ke zuwa da mita kib 12 ya haura zuwa 41, kuma kowace mita kib lita 1,000 ce. Dole muka rufe ruwan daga kontar gaba ɗaya. Duk wannan ya sa shi a sakin layi na farko, da kwanan wata, ya ce in haɗa hoton faktir biyu, tsoho da sabo.

Sai maganar kuɗi. Ni na rubuta yadda muke faɗa, cewa ina sayen bido takwas kullum wajen ƴan garuwa, dala goma-goma. Malam ya ce mutumin Legas in ya ga dala, ta Amurka zai ɗauka, in kuma ya ga lamba tsirara zai ƙirga da naira. Ya mayar da komai lamba tare da sunan sefa a kowane wuri: 50 kowane bido, 400 a rana, 12,000 a wata. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na biya, don ban taɓa kawo wa raina za a iya karanta kuɗina da wata fuska ba.

Gaisuwata kuwa, wadda ta ci kusan rabin shafi, da tambayar iyali da addu'a ga marigayi, ya taƙaita ta zuwa jimla ɗaya ta ta'aziyya. Raina bai so ba, domin marigayin mutumin kirki ne, ya riƙe mu da mutunci. Amma ya bayyana mini cewa wasiƙar ƙorafi ta Ingilishi tana da tsarinta: adireshina da kwanan wata a sama, adireshin mai karɓa, layi guda mai faɗin batun da lambar gida, sannan matsala, buƙata da wa'adi. Na yarda, kuma da na ga takardar a buge ta yi kwarjini.

Inda na ga gazawarsa shi ne wajen wa'adi. Na rubuta ƙarara cewa ina son gyara cikin kwana 14, in ba haka ba, zan gyara da kuɗina, ina neman a cire daga kuɗin haya. Da na roƙe shi ya mayar mini da fassarar Hausa da baki kafin in sa hannu, sai na ji ta koma "ina fatan za a duba da wuri". Ya ce ladabi ya yi mini. Na ce, "Malam, ladabin yana nan a gaisuwa, amma a mayar mini da kwana 14 ɗina." Ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Duk da haka bai kamata ya sassauta maganata ba sai ya tambaye ni, kuma wanda bai nemi a karanta masa ba, zai sa hannu ne a kan abin da bai faɗa ba.

Na tura hoton wasiƙar ta WhatsApp, na ba wakili kwafi ya sa hannu a kan nawa. Cikin mako ɗan mai gidan ya amsa, ya yarda da kuɗin gyara da rarar faktir, kuɗin garuwa ya ce mu raba biyu. Zan koma wajen malamin in buƙata ta taso, kuma duk wanda zai je ya riƙa faktir ɗinsa da kwanan ranar da ruwan ya tsaya.