Masu "kai wa iyayenka ragon Sallah har gida" sun cinye min naira 480,000

Jama'a, musamman 'yan uwana mazauna Jidda da Makka, ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi. Naira 480,000 aka cinye min. Guminna na watanni ina tuƙi a zafin Jidda, ya tafi kamar an hura toka.

Kuma kada wani ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Tun da azumi na fara ganin tallarsu a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu da ke nan Saudiyya. Sai na gwada su da ƙaramin abu, kayan buɗe-baki na naira 30,000, sukari da gero da dabino da madara. Wallahi sun kai. Hajiya da kanta ta kira ni tana sa albarka, ta ce yaron da ya kawo har durƙusawa ya yi ya gaishe ta. To wa zai yi zargin wanda ya riga ya cika alkawari? Ashe wannan 30,000 ɗin tsaba ce aka watsa wa kaza.

Da Babbar Sallah ta matso sai mutumin nasu ya turo min jerin kaya: rago, buhun shinkafa, jarkar mai da turmin atamfa biyu, duka 420,000, amma sai an biya kafin watan Zulhajji ya kama, wai daga nan farashi zai tashi. Ranar Alhamis ya kira ni ta bidiyo daga kasuwar Maigatari. Ina ganin turaku, ina jin hayaniyar dillalai. Ya kama ƙahon wani farin rago, ya buɗe bakinsa ya nuna min haƙora, ya ce, "Alhaji, wannan na Hajiya ne, ka ga ya isa layya." Wannan maganar ce take ta dawo min. Na Hajiya ne. Ya dafa bayan ragon yana ambaton sunana. Yanzu na gane kowa zai iya shiga kasuwa ya kama ragon wani ya yi minti biyu yana bidiyo, mai rago ya ɗauka ciniki ake yi.

Na manta ban faɗa ba, lambar asusun da ya ba ni ba da sunan kamfanin take ba, sunan wata mata ne ya fito. Ɗan canjin da na tura kuɗin ta hannunsa ma sai da ya ce, "Ka tabbata?" Na tambayi mutumin, ya ce matarsa ce, asusun kamfani na da matsala. Da azumi ma wani suna daban ne, amma tunda kaya sun isa ban kawo komai a raina ba. Har takardar rajistar kamfani ya turo min, mai hatimi da komai. Ban duba lambar a shafin hukumar rajista ba sai bayan ta faru, na tarar ta wani shagon sayar da taya ce.

Saura kwana uku Sallah ya ce kuɗin mota zuwa Kano 35,000. Na tura. Ko dai 25,000 ɗin ce ta riga? A'a, ta mota ce farko, sannan 25,000 wai an tsare motar a hanya ana neman kuɗin haraji. Na sake turawa, don wanda ya zuba 420,000 ba zai bari 25,000 ta hana shi ba. Sun san haka sarai. Ku haɗa, 480,000.

Ranar Arfa wayarsa a kashe. Shafin ya ɓace, masu yabonsa a zauren guda uku duk sun fice a rana ɗaya. Hajiya kuwa ta riga ta faɗa wa makwabta ɗanta ya aiko da rago, an share wurin ɗauri, an sayo dusa. Ran Sallah ta zauna jira har la'asar. Ta ce min, "Bar shi ɗan nan, layya kwana uku ce, ƙila gobe." Gara ta zage ni da wannan haƙurin.

Abin da ya fi ci min rai, ƙanena yana gidan. Na tsallake shi ne saboda bara ya rage wani abu a kuɗin cefane, na ce bana ba na son ƙorafi. Shi ne ya ranto kuɗi ya sayo ɗan akuya a rana ta uku, bai ce min uffan ba har yau. Ya je banki, aka ce sai da rahoton 'yan sanda da takardar kotu, kuma kuɗin an kwashe su tun ranar da suka shiga.

Hotunan hirarmu da shaidar turin kuɗi duk suna wayata, zan saka su da daddare idan na rufe sunan Hajiya da adireshin gida. Kada ku biya sai naku ya kama igiyar ragon da hannunsa. Sunan asusu ya saɓa, ku tsaya. Wanda ya tura wa mai farin ragon nan kuɗi a Sallar bana ya yi min magana, don na ji an ce a Riyad ma "na Hajiya" ya nuna wa wasu mutum biyu.