Na'ura ta fara, ko kai ka fara?

"Zan yi wa masu zuwa Umara rubutu kan tafiya daga Madina zuwa Makka ta jirgin ƙasa. In sa AI ta rubuta in gyara, ko in rubuta in ba ta ta gyara?"

Ƙanena, kai ka fara. Haka nake yi, kuma ya karɓe ni. Da zan rubuta wa wasu baƙinmu 'yan Kano bayanin jirgin Haramain, sai na zube abin da na gani a waya, ba tsari ba komai: sanyin cikin jirgi da ke ratsa mai harami, da wata dattijuwa da ta ɗauka tana sauka za ta ga Ka'aba, alhali tashar Makka a unguwar Rusaifa take, sai an sake hawa mota. Na miƙa wa na'ura, na ce ta jera min, kada ta ƙara ko kalma ɗaya ta bayani, inda ta ga giɓi ta tambaye ni. Sai kuwa ta tambayi inda ake ɗaura niyya. Nan na ƙara cewa jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, don haka mutum ya shiga da haraminsa a jiki, ya kuma tambayi malami tun kafin ranar. Wallahi baƙin nan sun yi ta sa min albarka.

Ita kuwa ɗaya hanyar, sauri kawai gare ta. Za ta cika maka shafi da "ƙasa mai tsarki" ba tare da ko mutum ɗaya a ciki ba, gyaranta ya fi sabon rubutu wahala.

Ko ta hanyar farkon ma, kada ka saki jiki. Na'ura da tsohon labari take aiki. Idan ka ga ta ce a nemi izinin shiga Rauda ta manhajar Eatmarna, ka san ta kwana a baya, tun 2022 Nusuk ake amfani da shi. Kuɗin tikiti da lokacin tashi, ka duba su da kanka ranar da za ka wallafa, ka rubuta kwanan watan a gefe. Aya ko hadisi kuma, sai ka buɗe littafi ka gani da idonka, domin takan ƙirƙiro lamba da maruwaici, ta faɗa da cikakken ƙarfin hali. Kuskure a nan ibadar wani zai taɓa.

Sannan ka kiyayi masu tallar asusun AI mai araha a WhatsApp. Asusu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa, kowa na karanta rubutun kowa, kwana kaɗan a rufe shi, lambarsu ta daina shiga. Na kyauta ya ishe ka wannan aikin. Ka hau jirgin da kanka, ka rubuta a hanya, sannan ka ba ta ta jera.