Hattara da mai sayar da "bugun farko" a Zariya

Jama'a don Allah a kula, akwai wani bawan Allah da ke yawo da tsofaffin littattafai a jaka tsakanin Tudun Wada da Samaru yana cewa wai bugun farko ne na gadon kakansa. Jiya ƙanina ya kusa tura masa dubu arba'in da biyar a kan Magana Jari Ce, Allah ya sa ya ce bari yaya ya gani tukuna.

Muka haɗu a Ƙofar Doka. Littafin kam ya sha jiki, takarda ta yi ja, ya buɗe min shafin bayan suna yana nuna 1937 da yatsa, ya ce ranka ya daɗe ga shekara nan da idonka. To ai wannan layin na shekarar da aka fara bugawa kusan duk bugun da ya biyo baya yana ɗauke da shi, abin dubawa shi ne layukan da ke ƙasansa inda ake jera shekarun da aka sake bugawa, shi kuwa nasa daidai wurin ne aka yage, wai gara ce ta ci. Garar da ta bar shafi gaba ɗaya ta zaɓi layi uku, har da yanka a miƙe kamar reza!

Na juya bango sai ga sunan NNPC, kamfanin ɗab'i fa ba na mai ba. A 1966 aka kafa shi, ko maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya ma sai 1945 ta zo, to ta yaya littafin 1937 zai fito da sunansa? Ga kuma lambar shaidar littafi ta ISBN a ƙasa, abin da sai wajen 1970 ya bazu a duniya. In ka ga farashi da naira ma magana ta ƙare don sai 1973 aka fara kashe ta, kafin nan fam da sule ne. Jan takardar kuwa gefe gefe ne kawai, da tabo irin na ruwan shayi, can ciki wajen ɗinki fara sol.

Masu tara littattafai ba tsufa suke biya ba. Ƙarancin abin suke biya, don na farkon yawancinsu yara sun yage su a makaranta, damina da gara sun cinye saura, sannan a cikinsa ne ake ganin rubutun yadda ya fara fita kafin a yi ta gyaran ƙa'idar rubutu. Shi ya sa shafi ɗaya in ya ɓace kuɗin ke faɗuwa warwas.

Da na ce zan ɗauki hoton shafin in nuna wa wani malami sai ya fizge abinsa wai sallah za ta wuce shi, ƙarfe sha ɗaya na safe fa. Har yanzu lambarsa a kashe take.