Wasiƙar ajiye aiki bayan sauyin wuri: doguwa ko gajeriya?

"Jama'a, kamfaninmu ya mayar da ni Fatakwal daga Kaduna, ni kuma ba zan iya barin mahaifiyata ba. Na yanke shawarar ajiye aikin. In rubuta doguwar wasiƙa in faɗi duk dalilaina, ko in taƙaita? Ba na son mu rabu baram-baram."

Ɗan'uwa, gajeriyar za ka rubuta. Ita na rubuta lokacin da wani kamfani a Kakuri ya tura ni Legas, kuma har gobe ina cin moriyarta. Manajan da ya karɓe ta shi ne daga baya ya rubuta mini takardar shaida da na samu wani aikin a nan cikin gari, har ya halarci sunan ɗana a Unguwar Rimi. Ba komai ya jawo haka ba illa bai ga sunansa ko laifinsa a ciki ba. Ga abin da ta ƙunsa, ko da da Turanci za ka rubuta taka:

"Na samu takardarku ta sauya mini wurin aiki zuwa Fatakwal, kuma na gode da amincewar da kuka nuna mini. Saboda wani uzuri na iyali, ba zan samu damar komawa can ba. Don haka ina sanar da ku ajiye aikina, bisa wa'adin wata ɗaya da ke cikin takardar ɗaukata aiki, daga 10 ga Yuni zuwa 10 ga Yuli. Ina roƙon a bar ni in cika wa'adin a ofishin Kaduna, domin in miƙa aiki da kayan kamfani ga wanda zai gaje ni."

Lura, babu "na ƙi" a ciki. Yawancin takardun ɗaukar aiki suna da sharaɗin cewa za a iya tura ka ko'ina kamfani yake da reshe. In ka rubuta da hannunka cewa ka ƙi bin umarni, ka ba su hujjar tuhumarka kafin ma a duba batun tafiyarka. "Ba zan samu dama ba" ta isar da saƙon ba tare da ta zama bijirewa ba.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne kwanan wata. A ce takardarsu ta ce ka kama aiki a Fatakwal ranar 1 ga Yuli, wa'adinka kuma sai 10 ga wata zai cika. Kwana goman nan a ina kake? In ba a amince a rubuce ka yi su a Kaduna ba, reshen Fatakwal zai rubuta cewa ba ka zo ba, sai ajiye aiki ya koma gudun aiki, a bi ka da takardar kora. Shi ya sa jimlar ƙarshen nan ta fi kowace muhimmanci. In sun ƙi, ka nemi a cire kwanakin daga hutunka na shekara, ko ka biya kuɗin kwanakin a madadin wa'adi. Tsawon wa'adin kuwa ka duba takardar ɗaukarka tukuna. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya ga mai shekara 5 zuwa sama, amma kamfanoni da yawa sun rubuta fiye da haka ga manyan ma'aikata, kuma abin da ka sa wa hannu shi za a bi.

Doguwar kuma, to, tana sanyaya zuciya na dare ɗaya. Amma duk dalilin da ka lissafa za su samo masa amsa: in ka ce haya, su ce za su ba ka alawus, in ka ce makarantar yara, su ce a Fatakwal ma akwai. Ga shi za ta zauna a fayil ɗinka bayan fushin ya wuce.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayar da takardar likita ta bogi, da masu cewa suna da mutum a hedikwata da zai soke sauyin in ka ba da wani abu. Kamfani na iya tuntuɓar asibitin, kuma takardar jabu kora ce kai tsaye, ba batun haƙƙoƙi.

Ka buga kwafi biyu, ka fara gaya wa manajanka baki da baki, sannan ka kai ofishin kula da ma'aikata su buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Kada ka fita ba tare da shi ba. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.