Raba sikirin na lokaci ɗaya ko barin ƙofa a buɗe kullum, wanne ya dace?

"Jama'a don Allah a ba ni shawara. Ni nake gyara wa Mamanmu laftof ɗinta daga nesa, kuma akwai wata kwamfuta a ofishinmu da ake ajiye lissafi wadda nake son in riƙa shiga da daddare. Wani ya ce in saka unattended access na AnyDesk a duka biyun in huta, haka ne?"

Ɗan'uwa, a ta ofis eh, amma da sharaɗi, a ta Mama kuwa gaskiya ban ba ka shawara ba. Abin da nake dubawa kafin komai shi ne, a lokacin da kake son shiga, akwai mutum zaune a gaban na'urar da ya kamata a nemi izininsa ko babu? In akwai, na lokaci ɗaya za ka yi. In babu, to nan ne na dindindin, wato unattended access ɗin da aka ce maka, yake da amfani.

Na lokaci ɗaya kamar baƙo ne ya ƙwanƙwasa ka leƙa ka buɗe masa, ya gama ya fita ka rufe, shi kuma ɗayan ka yanka masa mukulli ne ka ba shi ya tafi da shi. A Quick Assist na Windows, wanda ake buɗewa da Ctrl + Windows + Q, kai mai taimako ne za ka samu lamba ka karanta wa Mama ta rubuta, ta danna Allow, kuma ko bayan nan kallo kawai kake yi, sai ka danna Request control ta sake yarda kafin ka iya taɓa komai. A Chrome Remote Desktop ita ce za ta fitar da lamba mai alƙaluma 12 a ɓangaren Remote Support, lambar in ba a yi amfani da ita cikin minti 5 ba ta mutu, sannan duk bayan minti 30 zai tambaye ta ko a ci gaba. AnyDesk ma in ba a saka masa fasawod ba haka yake, sai ta danna Accept. Ka ga duk abin da kake yi tana gani da idonta, in ta ga wani abu bai mata ba ta katse.

Yana da nasa ciwon kan fa. Dole ku daidaita lokaci, dole ta iya karanta lamba ta danna abu, in aikin ya buƙaci a kashe na'ura a kunna to alaƙar ta yanke sai kun sake daga farko. Sai wanda ya fi rikita mutane: kana cikin saka wata manhaja sai ka ga hoton ya tsaya cak ko ya yi baƙi, ka ɗauka netwok ne, alhali Windows ne ya fito da akwatin nan na User Account Control mai tambayar Yes ko No, kuma manhajar da aka buɗe ba da ikon Administrator ba ba ta iya taɓa shi. Maganin ka ce Mama duba gabanki akwai wani akwati, danna Yes. Shi ke nan.

To me ya sa duk da wannan wahalar na ce kar ka saka mata na dindindin? Saboda laftof ɗin nata ne, akwai hotunanta da saƙonninta, wataƙila imel da banki ma a buɗe suke a burauza. Kai amintacce ne ba a musu, amma fasawod ɗin ba ya gane fuska, duk wanda ya samu ID ɗin AnyDesk na laftof ɗinta da fasawod, ko ya ɗauki laftof ɗinka da ka ce ya tuna fasawod ɗin, ya shiga ba tare da an tambaye ta ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna, in ta saba ganin linzami na yawo shi kaɗai ta ce ai yarona ne, ranar da ba kai ba ne ma haka za ta ce. Gara ta saba da cewa ba mai shiga sai ta yarda, kuma ba ta yarda sai ta ji muryarka a waya, domin masu damfara da ke kira su ce daga banki ko kamfanin kwamfuta suke da wannan na lokaci ɗayan suke fara shiga, in suka samu iko sai su saka fasawod na dindindin su riƙa dawowa. Aikin da kake mata kuwa firinta ta ƙi, ko wani fayil ya ɓata, abu ne na lokaci-lokaci kuma tana nan zaune.

Ta ofis labarinta daban. Ƙarfe 10 na dare ba kowa, ba mai danna Accept, kuma in ka yi sabuntawar Windows na'urar za ta kashe kanta ta kunna, kana buƙatar ka dawo ka tarar da shafin shiga. Wannan sai manhajar da aka girka ta zauna a matsayin sabis, tana tashi tare da Windows tun kafin kowa ya shiga. Ga yadda zan yi in ni ne. Farko ka samu yardar mai ofishin, a rubuce in da hali, don na'urar lissafi ce, ranar da wani adadi ya canza kai za a fara kallo. Ka girka AnyDesk ɗin sosai, ba wanda ake buɗewa kawai ba, a cikin Settings ka saka fasawod mai tsawo wanda ba ka amfani da shi a ko'ina, ka kunna Two-Factor Authentication, wato a nemi wata lamba ta biyu bayan fasawod, sannan a Access Control List ka saka ID na laftof ɗinka shi kaɗai, ta yadda ko wani ya san fasawod daga wata na'ura ba zai samu shiga ba. In akwai zaɓin kulle na'ura bayan an fita ka kunna shi, kar ka bar lissafi a buɗe wa wanda ya fara zuwa da safe. Ka hana kwamfutar yin barci a Power options, in ta yi barci za ka ga ba ta kan layi. Kuma ka gwada kafin ka bar wajen, ka yi Restart ka shiga daga laftof ɗinka, domin in BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan da ke cikin na'ura, yana neman PIN kafin Windows ya tashi, to nan za ta tsaya har gari ya waye, manhajar ma ba ta tashi ba balle ka shiga.

Wani zai ce ka buɗe Remote Desktop na Windows kawai. Windows Home ba ya karɓar wannan shigar, kuma buɗe ƙofa ta 3389 ga intanet kai tsaye haɗari ne babba, ana bin ta ana gwada fasawod dare da rana, sai dai ta cikin VPN.

Aikin ba ya ƙarewa ranar da ka saka. A Fabrairun 2024 kamfanin AnyDesk ya sanar an kutsa cikin na'urorinsa, ya soke fasawod na shafin asusun masu amfani ya ce a koma sabon fitowa, to wanda ya girka ya manta shekara da shekaru ta ina zai ji? Ka riƙa sabuntawa, kuma ka riƙa leƙa wannan fayil ɗin a kwamfutar ofis:

```
C:\ProgramData\AnyDesk\connection_trace.txt
```

Kowane layi yana nuna rana da lokaci da ID ɗin da ya shigo. In ka ga User wani ne ya danna Accept, in ka ga Passwd da fasawod aka shiga. ID ɗin da ba ka sani ba tare da Passwd, ko shiga a daren da ka san barci kake, ka cire intanet ɗin na'urar, ka canza fasawod, ka faɗa wa mai ofis nan take. Ranar da ka bar aikin kuma, ko laftof ɗinka ya ɓata, a cire ID ɗinka daga jerin a canza fasawod ɗin a ranar.