Tuƙa-tuƙa, mai janareta ko mai sola: lissafin da muka yi kafin haƙa bohal a unguwa

Duk kwamitin unguwar da zai haƙa bohal, don Allah kafin ku fara yawo da littafin karo-karo ku zauna ku ƙirga jarka tukuna. Mu da farko farashin haƙa kawai muka kalla muka zaɓi mai araha, kuma mun ji a jikinmu.

Unguwarmu gida 60 ce, kowane gida aƙalla jarka shida mai lita 25 a rana, kenan lita 9,000 kullum. To tuƙa-tuƙa irin su India Mark II ko Afridev, in ruwan na da kyau kuma mai bugawa na da ƙarfi, bai wuce ya ba ka kamar lita 900 a awa ba, ka ga sai an yi awa goma ana bugawa ba tsayawa. Layin jarkokin nan shi ne kuɗin da ba a rubuta maka a takardar kwangila. Ga ƙaramar ruga ko ƙauye mai gida goma sha biyar ya isa. Mai janareta kuwa tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ni na daina sa shi a lissafi, ranar da babu kuɗin mai babu ruwa.

Mai sola shi ne zaɓina kuma ba na ɓoyewa. Kuɗin da aka yanka mana ya ninka na tuƙa-tuƙa fiye da sau biyu, wajen miliyan tara da tanki mai lita 10,000 da kan famfo shida, dattawa suka ce ya yi tsada, sai muka jera musu amfanin.

Na farko mai sauƙi ne. Gida 20 daga cikinmu wajen 'yan ga-ruwa suke saye, jarka naira 50, wato 6,000 kullum, a shekara ya haura miliyan biyu. Sauran gida 40 ba sa biyan ko sisi, mata da yara ne ke ɗebowa, kuma a nan mutane ke cewa ai wannan kyauta ne. Ina kyauta, yarinya ta tashi da asuba da jarka a ka ta isa makaranta an kusa fita tara? Yadda muka sa masa farashi shi ne muka ɗauki kuɗin lebura na wuni, 4,000 a awa takwas, 500 kenan a awa, muka raba biyu saboda ba kowace awa da aka huta ce za ta koma sana'a ba. Awa ɗaya a kowane gida, 250 sau 40, dubu goma a rana. Ya ma fi na masu saye yawa, kuma da tuƙa-tuƙa rabin awar nan a layi za ta ƙare. Rashin lafiya kuma muka tambayi iyaye mata nawa suka kashe a kemis kan gudawa da taifot a daminar bara, muka rubuta kaɗan daga ciki, don ruwa mai kyau in aka zuba shi a randa mai datti aikin banza ne. Kwanciyar hankalin uwa da 'yarta ba ta fita da duhu, wannan ba mu sa masa lamba ba, rubutawa muka yi a gefe kowa ya gani.

Amma ku kula, kuɗin lokaci ba ya sayen sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin bohal, in ya ƙone. Dole a sa naira 10 ko 20 kan jarka a tara a asusu, a kuma biya mai gadi, ɓarayin fanel ɗin sola ba sa barci.

Yanzu ga abin da ya ƙona mu. Mai haƙa na farko ya karɓi kuɗin mita 80, ya zo ƙarshen damina lokacin da ƙasa ke cike da ruwa, ya haƙa ruwa ya yi tsiri yara na ihu, watan Afrilu na kamawa sai iska. Da aka zura igiya mita 45 muka samu. A ƙasa mai dutse irin ta Kano da Zariya ruwan cikin tsagar dutse yake maƙalewa, saboda haka kar ku yarda a kafa inji ba a yi safiyo ba, wato binciken gano inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, kuma mai safiyon kar ya zama yaron mai haƙa. Ku sa mutum biyu su zauna da biro suna ƙirga sandunan da ke shiga ƙasa, ku auna tsawon ɗaya da kanku. Ku duba kaurin bututun da za a zura, wasu na ruwan banɗaki suke kawowa, shekara biyu ya murƙushe. Sumo ana sake wa tsoho fenti a sa a sabon kwali, fanel a manna masa takardar wat 400 alhali bai kai ba, ku je shagon tare da mai wutar da kuka yarda da shi ya gwada a rana. A ja ruwa awanni a jere a gabanku a ga ko zai ɗauke, a kai ruwan gwaji, sannan ku riƙe wani kaso na kuɗin har sai bohal ɗin ya tsallake bazara ɗaya.